Malamin ruƙiyya ya fi asibitinmu ganin masu taɓin hankali: ta ina zan ɓullo masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni jami'in lafiya ne a ƙaramin asibitin gunduma. A garinmu akwai malami mai ruƙiyya, gidansa ba ya rabo da masu taɓin hankali, wasu ma a mari suke. Mu kuwa sai abu ya ɓaci ake kawo mana su. Na taɓa aika masa cewa ya riƙa turo su asibiti, ko amsa bai ba ni ba. Ta ina zan ɓullo masa ba tare da ya ga raini ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, abokin aiki. Da ni ne malamin nan, ni ma da ban amsa ba. Ka saurari saƙonka da kunnensa: wani yaro mai farar riga, da bai taɓa tako zaurensa ba, ya aiko cewa mutanen da iyayensu suka damƙa masa amana a kwashe su a kai wani wuri. Ma'anar wannan a wurinsa ita ce aikinsa bai iya ba, abincinsa kuma za a taɓa. Na shekara da yawa ina jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma abin da na koya shi ne hanyar tura marar lafiya ba daga gidan malam take farawa ta nufo asibiti ba. Daga asibiti take farawa ta nufi gidan malam. Kai ne za ka fara zuwa, ka duba marar lafiyar a inda yake, malamin yana zaune, ba tare da ka ce a ba ka shi ba.

Wannan ba dabarar kaina ba ce. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara irin haka a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake sauke marasa lafiya a ƙauyuka tare da 'yan uwansu, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A zamaninmu, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada abin a Ibadan da Kumasi, a binciken da ake kira COSIMPO, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020. Marasa lafiya 307 aka bi, duk suna kwance a wurin masu maganin gargajiya ko gidajen addu'a. A wani ɓangare, ma'aikacin ƙaramin asibiti kan ziyarci wurin duk mako, ya duba su, ya ba da magani, mai gidan kuma ya ci gaba da nasa. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar nan sun fi sauran samun sauƙi a fili. Ɗauri da duka da makamantansu sun sauko daga kashi 57 cikin ɗari zuwa kashi 9 a wannan ɓangaren. Sai dai a ɗaya ɓangaren ma sun sauko, daga kashi 42 zuwa 10, abin da ni nake fassarawa da cewa yi wa mai magani bayani da kuma saninsa cewa akwai idon da ke leƙowa, su kaɗai ma suna kwance mari da yawa. Ka lura dai ba a ƙasar Hausa aka yi binciken ba, don haka tsarin za ka ara, salon shiga kuwa sai ka bi na garinku.

Salon shigar kuwa ka san shi. Ba a zuwa wa babba kai tsaye da buƙata. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ko limamin da malamin ke jin nauyinsa, ka ce gaisuwa kake son zuwa. Kada ka je da motar asibiti, kada ka sa farar riga, kada ka ɗauki hoto. Tun samamen da 'yan sanda suka kai wata cibiya a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, da wanda ya biyo baya a Daura, duk mai ajiye irin waɗannan mutane a gidansa a tsorace yake da baƙon da ya zo da littafi da biro. Zuwan farko ka zauna a tabarma, ka sha ruwan da aka ba ka, ka tambaye shi aikinsa. Wane irin ciwo ne aka fi kawo masa? Yaya yake bambanta shafar aljanu da sammu da ciwon da yake ganin na jiki ne? Sannan tambayar da ta fi kowace amfani: akwai waɗanda kan wahalar da shi, a yi ta karatu ba sa motsawa? Ban taɓa zama da malami ko boka ba face yana da irin waɗannan, kuma yawanci su ne waɗanda ke cikin mari. Ta nan ƙofarka take.

Abu ɗaya da za ka haramta wa bakinka shi ne muhawara a kan sanadi. Idan ya ce aljani ne, kada ka ce babu aljani, kada kuma ka yi ƙarya ka ce ka yarda da duk abin da ya faɗa. Ni abin da nake cewa shi ne, "Allah gafarta malam, wannan fanni naka ne, ni ba ni da ilimi a kai. Abin da na sani shi ne mutumin da ya kwana biyar bai runtsa ba, yana jin muryoyi, akwai ƙwayar da kan sa ya yi barci, muryoyin su lafa, har ya iya zama a yi masa karatu." A nan ba ka ƙwace masa komai ba. Hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ya fi ka saninsa, don haka bar shi ya kawo shi da kansa. In ka shiga yi wa malami wa'azi a zaurensa, ka rufe ƙofar da hannunka.

Bari in ba ka labarin wani saurayi, domin a cikinsa akwai matakan duka, har da inda na yi tuntuɓe. Shekararsa kamar ashirin da uku, yana sayar da kayan waya a kasuwa. Wata uku kafin a kawo shi ya daina fita, ya ce maƙwabta sun binne masa abu a ƙofar shago, ya daina cin tuwon gida don wai an barbaɗa masa magani, yana magana shi kaɗai da dare. Ranar da ya fasa tagar ɗakin mahaifiyarsa aka kai shi wurin malam. Lokacin da na gan shi ya yi kwana goma sha tara a can, mari a ƙafarsa ta hagu an haɗa da ginshiƙin rumfa. Ƙarfen ya ci fata a saman idon sawu, gyambon ya fara ruwa, ƙudaje na bi. Gefensa akwai kwanon sha da sauran ruwan rubutu, da ƙullin ganyen magarya, da tuwon jiya da bai taɓa ba.

Ban fara da zancen marin ba, duk da cewa shi ne ya fi tsaya mini a rai. Na nemi izinin malam da na mahaifinsa, na kuma gaya wa yaron ko ni wane ne da abin da zan yi, domin ko da hankalin mutum ya gushe, yana jin lokacin da aka mutunta shi. Na auna zafin jikinsa, bugun zuciya, hawan jini da sukari. Na tambaye shi sunansa, garin da muke, ko safiya ce ko yamma. Duk ya amsa daidai, sai dai yana waige-waige yana raɗa. Wannan gwajin shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne abin farko da za ka koya wa malamin. Mai taɓin hankali na asali yawanci ya san inda yake, ya gane mutanensa, jikinsa ba zafi. Wanda kuwa ruɗewa ta zo masa cikin kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko yana farkawa yana komawa kamar mai magagi, bai san dare ko rana ba, wannan ciwon jiki ne ya hau kansa: zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, faɗuwar sukari, buguwar kai, ko wani abu da ya sha, irin su zaƙami. Irin wannan yana iya mutuwa kafin a sauke karatun kwana uku. Haka nan mai jego da ta rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa, da mai ciki, da wanda ya daina ci da sha gaba ɗaya, da mai zancen kashe kansa ko wani. Waɗannan ba a jiran ranar ziyararka, a ranar ake tafiya asibiti. Na rubuta wa malam su da ajami a kwali guda, tare da lambar wayata, ya soke shi a cikin gafakarsa. Da boko na rubuta, da almajirinsa ne zai riƙa karanta masa, kuma babu malamin da ke son haka.

Bayan na yi waya da likitan da ke duba aikina, muka fara wa yaron maganin taɓin hankali mai suna halofaridol, miligiram 2.5, wato rabin ƙwaya mai 5, da dare. Jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da miligiram 1.5 zuwa 3 a rana. Da farko ya ƙi karɓa daga hannuna, sai da malam ya yi bisimilla ya miƙa masa da kansa, ya kora da ruwan tofi. Ban ga laifin haka ba, domin yaron ya san ƙwaya ce, ba a ɓoye masa ba. Na wanke gyambon, na naɗa ƙyalle tsakanin ƙarfe da fata, na sa aka yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki saboda raunin ƙarfe ne.

Ga kuskurena. Kwana uku da farawa, mahaifin ya matsa cewa ba a ga canji ba, ni kuma ina son malam ya ga aikina da wuri, sai na ɗaga maganin zuwa miligiram 5. Ban kuma gaya wa kowa illar da ka iya biyo baya ba. Washegari bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Wuyan yaron ya murɗe gefe guda, idanunsa sun kafe sama, harshe ya fito, yana gurnani. Da na iso, an riga an kewaye shi ana karatu da ƙarfi, an kunna hayaƙi, kowa na cewa aljanin ya bayyana, ƙwayar bature ta fusata shi. A gaskiya murɗewar tsoka ce da wannan rukunin magani kan jawo, ta fi kama samari maza, kuma yawanci cikin kwana biyar na farko ko bayan an ƙara yawan magani. Na yi masa allurar furometazin miligiram 25, kafin magariba wuyan ya saki. Na mayar da shi kan 2.5, na ƙara masa benzegzol, mai hana irin wannan murɗewar, miligiram 2 na ɗan lokaci, na ƙirga ƙwayoyin na damƙa wa mahaifinsa hannu da hannu, domin ka san egzol, kamar yadda ake kiransa a gari, ba ya kwana a inda samari suke.

Sannan na zauna gaban malam na ce laifina ne, maganina ne ya jawo, kuma da na gaya masa tun farko. Na zaci ƙarshen zumuncin ke nan. Sai ya yi shiru, can ya ce shi bai taɓa jin ma'aikacin asibiti ya ce ya yi kuskure ba. Tun daga ranar, kafin in ba da ƙwayar farko sai na kwatanta wa malam da dangi abin da jikina: murɗewar wuya, rawar hannu, dalalar miyau, tafiya a sandare, kasa zama wuri ɗaya. In an gani, a kira ni. Idan kuwa numfashi ya sarƙe, ko jiki ya sandare tare da zazzaɓi mai zafi da gumi da ruɗewa, a tsayar da maganin a ɗauko shi asibiti nan take, wannan kan yi kisa. Ina kuma gaya musu gaskiyar lokaci: barci da natsuwa kan zo cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sai an ba su mako huɗu zuwa shida kafin a ce magani ya yi ko bai yi ba.

Marin a kwana na goma sha ɗaya da fara magani aka cire shi, kuma a hankali aka kai ga haka. Malamai da yawa ba don mugunta suke ɗaurewa ba. Tsoro ne: kada ya gudu ya faɗa rijiya, kada ya sari wani a ce a gidan malam aka yi. In ka ce "cire" ba ka kawo abin da zai maye gurbin ƙarfen ba, ba za a cire ba, ko a cire a gabanka a mayar bayan ka juya baya. Abin da muka yi shi ne, da ya fara barcin awa shida a jere, aka riƙa kwance shi lokacin alwala da salla, yayansa na kusa. Bayan kwana biyu aka bar shi a sake tun daga hantsi har la'asar. Daga nan sai dare, yayan na kwana a bakin ƙofa. Da aka kwana uku lafiya, malam da kansa ya aika aka kira maƙeri.

Girmamawa ba ta nufin ka haɗiye komai. Ruƙiyya, tofi, rubutun sha, shafa man zaitun, wankan magarya, duk ba su hana maganinka aiki, ka bar su yadda suke. Jiƙo da gari kuwa sai ka nemi sanin abin da ke ciki, domin wasu na sa barci mai nauyi, in suka haɗu da naka sai a kasa tashin mutum. Ni kan roƙi a dakatar da na sha na mako biyu, a ci gaba da na wanka da shafawa, kuma ba a cika ƙi ba. Amma duka da sunan aljani ake duka, da turara hayaƙin barkono a rufaffen ɗaki, da hana abinci da ruwa na kwanaki, waɗannan tun zaman farko na yarjejeniya nake cewa ba zan iya aiki a inda ake yin su ba. Ina faɗa a keɓe, ba a gaban almajirai ba. Inda kuwa ka tarar da yara a ɗaure, ko alamar ana lalata da mata, ko wani ya mutu an rufe zancen, wannan ya wuce haɗin gwiwa. Ka sanar da shugabanka da hukumar jin daɗin jama'a. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba masu wannan ciwo kariya daga azabtarwa.

Kada ka haɗa malamin ruƙiyya da boka ko 'yan bori a taro ɗaya don ka rage wahala. Na farko yana ganin aikin sauran shirka ne, ba zai zauna ba, in ma ya zauna ba zai sake amsa kiranka ba. Kowa ka bi shi gidansa. Kuma kada ka biya kowa kuɗi bisa kan kowane marar lafiya da ya turo. Ranar da kuɗin ya yanke turowar ta yanke, kafin nan kuma za a cika maka asibiti da waɗanda ba su da ciwon. Abin da malamin ke so ya tabbatar shi ne mutumin da ya turo zai dawo hannunsa, sadakar da dangi ke ba shi ba za ta tsaya ba, sunansa kuma ba zai ɓaci ba.

A nan ne hanyoyi da yawa ke mutuwa, kuma laifin namu ne. Malam ya turo mutum da takardarsa, sai wani a teburin kati ya ce, "Sai yanzu kuka ga dama, bayan kun gama yawon malamai?" Maganar nan kafin isha ta isa zauren malam, ba kuma zai sake turowa ba. Saboda haka kafin ka nemi ya turo kowa, ka gyara gidanka: mai gadi, mai kati da mai ba da magani su san cewa mai ɗauke da takardar malam ba ya bin dogon layi, ba a kuma yi masa gori. Ka tabbatar akwai maganin a kanta, ko ka san shagon da ake samu da kuɗinsa. Ka kuma san inda kai za ka tura abin da ya fi ƙarfinka, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri, da sunan mutum guda a can da zai ɗaga wayarka. In ba a horar da kai kan mhGAP ba, ko ba ka da likitan da za ka riƙa tuntuɓa, wannan za ka fara nema kafin ka ba da ƙwaya ko ɗaya. Duk wanda aka turo kuma, da yardarsa ko ta waliyyinsa, ka mayar wa malam da bayani, ko da saƙon murya ne na minti ɗaya: mun gode, mun gan shi, ga abin da zai riƙa sha, ranar kaza zai dawo. Sirrin da ya faɗa maka a ɗakin duba marasa lafiya ba ya cikin saƙon.

Saurayin nan ya koma gida bayan mako bakwai, ya koma shago a wata na huɗu. A wata na shida ya dawo da ciwon, domin a ranar sallamarsa an ce aljanin ya fita, dangi kuma suka ga ba dalilin ci gaba da shan ƙwaya bayan an rabu da aljanin. Ka'ida kuwa ita ce, bayan karon farko, a ci gaba da magani aƙalla wata 12 bayan alamomin sun ɓace, a kuma janye shi sannu a hankali da sanin likita. Dangi ba za su ji wannan daga bakinka yadda za su ji daga bakin malam ba. Shi ya sa yanzu ranar sallama tare muke zama, shi ne kuma ke cewa, "Karatu mun yi, Allah ya ba da sauƙi, amma ƙwayar nan ban yarda a ajiye ta ba sai mai ita ya ce." Da azumi muna mayar da shan maganin bayan buɗa-baki, shi ne kuma ke yi musu bayanin hukuncin marar lafiya. Wanda ke yawan mantawa, likita kan mayar da shi kan allurar fulufenazin da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu, bayan an fara gwada shi da miligiram 12.5. Karo na biyun nan malamin ne ya fara kirana tun kafin a sauke yaron daga babur, kuma ba a nemi maƙeri ba.

Ka buɗe littafi guda ka riƙa rubuta abu huɗu duk wata: mutum nawa malam ya turo, nawa suka iso, nawa ka mayar masa da bayaninsu, nawa ne ke cikin mari a ziyararka ta ƙarshe. In na farko ya fi na biyu da yawa, matsalar kuɗin mota ce ko tarbar da ake yi musu a ƙofarku. In turowar ta tsaya cak, wani ya faɗi maganar da ba ta dace ba, sai ka je gaisuwa ka ji ko wane ne. Ranar ziyarar kuma ka tsayar da ita, ko Talata ko Laraba bayan azahar, ka kuma je ko da ruwa ake yi, ko da an ce maka a makon ba a kawo kowa ba.